Rahoto ya ce "ba a gani a manyan jijiyoyi ba", ni kuma na karanta "babu"

Dakta Nura:
Assalamu alaikum. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun makon jiya, ina son manyanmu na sashen hoto su warware mini. Ina aikin dare aka kawo wata mata mai shekara 58, kwana 12 da yi mata aikin gwiwa. Numfashi ya sarƙe mata farat ɗaya tun da yamma. Bugun zuciya 118, oksijin 89, awon jini 124/78, ƙirji kuma na saurara ban ji komai ba. Na lissafa ma'aunin Wells na zargin gudan jini a huhu: tiyata 1.5, bugun zuciya sama da 100 wani 1.5, babu cutar da ta fi gudan jini a huhu kama da abin da nake gani, 3. Jimla 6. Ban tsaya yin gwajin jini na Di-daima ba, na rubuta hoton CT na jijiyoyin huhu, wato CTPA, kai tsaye.

Rahoto ya shigo kwamfuta wajen ƙarfe ɗaya saura. Ga ma'anar kammalawarsa: "Ba a ga gudan jini a babbar jijiyar huhu da rassanta na loba ba. Duba rassan sagimen da na ƙasa da su ya taƙaita saboda motsin numfashi da ƙarancin rini." Ni jimlar farko na riƙe. Na sa mata oksijin, na tura ta ɗakin kwanciya, ban fara maganin tsinka jini ba. Da safe babbar likitarmu ta karanta rahoton nan dai, ta ɗago ta kalle ni ta ce, "Nura, wa ya ce maka babu?" Aka yi sikanin ƙafa aka sami gudan jini a jijiyar bayan gwiwa har cinya. Aka fara maganin tsinka jini na hefarin, aka sake hoton, sai ga gudaji a rassan sagimen na ƙasan huhun duka biyu. Matar ta samu sauƙi, alhamdu lillahi. Na san nawa laifin. Abin da nake tambaya, irin wannan rahoton ba ya cikin waɗanda ake ɗaga waya a kira likita a kansu?

Dakta Kabiru:
Wa alaikumus salam. Ni ban ga abin da za ka zargi kanka da shi ba. Injinan yanzu idan suka ce babu, to babu. Jimlar nan ta "ya taƙaita" kusan kowane rahoto sai ka gan ta, masu hoto suna sa ta ne don kare kansu. Kuma abin da ke kisa ai na manyan jijiyoyi ne, shi kuwa an ce maka babu.

Dakta Bilkisu:
Kabiru, akwai gaskiya a maganarka, kuma ita ce ta fi yi mini ciwo. Muna da abokan aiki da suke manna wannan jimlar a kowane rahoto, har ta zama ba ta da nauyi, ranar da take da ma'ana kuwa ba wanda zai tsaya a kanta. Amma a nan injin bai ce babu ba. Cewa ya yi bai gani ba a inda ya iya dubawa.

Ku ɗauki jijiyoyin huhu kamar bishiya. Akwai kututture, ya rabu biyu, dama da hagu. Daga nan rassan loba, daga su rassan sagimen, daga su kuma 'yan ƙananan da ke ƙasa da sagimen. Mu ba gudan jinin muke gani kai tsaye ba. Ruwan aidin da aka ɗura ne yake haska cikin jijiya ta yi fari tas, sai gudan ya fito a matsayin wani wuri mai duhu da rinin ya zagaye. To idan rinin bai cika jijiyar ba, ko majinyaci ya motsa, jijiya mai faɗin milimita uku ko huɗu sai ta dishe gaba ɗaya. Ba zan iya ce maka akwai ba, ba zan iya ce maka babu ba. Kututture yana da faɗi, ko hoton bai yi kyau ba za a iya hukunta shi. Shi ya sa rahotonka ya tsaya a loba.

Saboda haka rahoton wannan gwaji amsa uku gare shi: akwai, babu, da kuma hoton bai isa a yanke hukunci ba. Naka na ukun ne, aka rubuta shi da kamannin na biyu.

Dakta Nura:
Ranki ya daɗe, da ke ce ya za ki rubuta shi?

Dakta Bilkisu:
Da na juya jerin. Mai aikin dare da majinyata goma a gabansa layin farko yake karantawa, kowa ya san haka. Zan ce: "Wannan hoto bai kore gudan jini a huhu ba. An duba kututture da rassan loba, babu komai. Rassan sagimen na ƙasan huhun biyu ba su dubu ba saboda motsi. Idan zargi yana da ƙarfi, a sake hoton ko a yi sikanin jijiyoyin ƙafa." Ka lura na faɗi matakin da na tsaya, na faɗi ɓangaren da abin ya shafa, na kuma faɗi abin yi. "Ya taƙaita" kaɗai ba ta gaya maka ko kashi ɗaya cikin goma ne ya ɓaci ko rabin huhun.

Tambaya gare ka, ƙanina. Ƙafar da aka yi wa aikin ta kumbura a daren?

Dakta Nura:
Ta kumbura, tana kuma ciwo idan an matsa sha-raɓar. Na ɗauka na tiyatar ne, ban sa shi a lissafi ba.

Dakta Bilkisu:
Da ka sa, 3 ne, jimla 9, zargi mai ƙarfi ke nan. A binciken PIOPED II da aka buga a 2006, waɗanda zarginsu yake da ƙarfi amma hoton ya ce babu, kusan 60 cikin 100 ne kawai babun ta tabbata. Wato ko da rahoton ya fito da "babu" ƙarara, a irin matar nan sai ka sake tunani, balle wanda bai ce ba.

Dakta Kabiru:
Amma Anti, wancan binciken da tsofaffin injina aka yi shi, masu layi huɗu zuwa goma sha shida. Na yanzu a daƙiƙa kaɗan sun gama ƙirji.

Dakta Bilkisu:
Haka ne, kuma ina sa ran adadin ya fi haka kyau a yau. Sai dai saurin inji ba ya cika jijiyar da rini bai isa ba. Abin da na ɗauka daga binciken bai tsufa ba: idan hoto da majinyaci suka saɓa, ba a rufe fayil. Wani abu kuma, Nura, ƙa'idar ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ta 2019 ta ce idan zargi matsakaici ne ko mai ƙarfi a fara maganin tsinka jini tun ana jiran sakamako. A matarka akwai tiyatar kwana 12, dole a auna haɗarin zubar jini, a ji ta bakin masu ƙashi, amma shawarar ya kamata a ce an yi ta tun kafin ta hau injin.

Malam Sani mai hoto:
Ku ba ni dama in sa baki, tunda mu ne muke danna maɓallin. Likita Nura, in ka samu dama ka buɗe hoton farko, ka ɗora ma'auni a kan kututturen ka ga HU nawa ne, wato adadin hasken rinin, sannan ka dubi babbar jijiyar awota da ke gefensa.

Yadda muke yi, kanula mai lamba 18 ko 20 a gwiwar hannu, rini ya tafi da gudun mililita 4 zuwa 5 a daƙiƙa. Injin yana leƙa kututturen, da zarar haske ya kai wajen HU 100 sai ya fara ɗauka. Muna son a ƙarshe kututturen ya wuce 250. Matsalar da na fi gani ita ce muryar injin da take cewa "ja numfashi ka riƙe". Mutumin da numfashi ya sarƙe wa yana jin haka zai ja da iyakar ƙarfinsa. Wannan jan yana zuƙo jinin da ba rini a cikinsa daga babbar jijiyar ciki zuwa zuciya, ya tsinka rinin daidai lokacin da muke ɗauka. Alamarsa ba ta ɓuya: awota ta yi fari, jijiyar da ke sauko da rini daga hannu ma fari, amma jijiyar huhu da ke tsakaninsu ta yi toka-toka.

Ni kashe muryar nake yi. In tsaya kusa da mutum kafin a fara, in ce masa, "Baba, in na ce tsaya, ka tsayar da numfashi a inda yake, kada ka ja, ka bar bakinka a buɗe." Mu gwada sau biyu. Wanda na ga ba zai iya riƙewa ba, daga ƙasan huhu nake farawa in yi sama, domin ƙasan ne ya fi motsi kuma can gudajin suka fi zama.

Dakta Nura:
Na duba, Malam. 170 ne a kututturen, awota kuwa ta haura 300.

Malam Sani mai hoto:
To shi ne. Wannan tun tana kan teburin ya kamata a gane. Da a hannuna ne zan kira likitan hoto ya leƙa, in ƙodarta lafiya mu sake nan take. Minti goma ne. In ta sauka ta tafi ɗaki, dawo da ita sai gobe.

Auwalu:
Salam likitoci, ku yi haƙuri ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, ƙanwata nas ce ta sa ni a nan. Mahaifina an yi masa irin wannan hoton wata biyu da suka wuce, aka ce an ga gudan jini ɗaya a ƙaramar jijiya, aka ɗora shi a kan magani. Yanzu wani likitan ya ce wataƙila ma ba gudan jini ba ne. Ke nan shi ma hoton nasa ya lalace kamar na matar nan? Mu daina maganin?

Dakta Bilkisu:
Malam Auwalu, Allah ya ba Baba lafiya. Kada ku daina komai a kan abin da kuka karanta a nan. Nasa kishiyar na matar ne: ita an kasa gani, shi an ga wani abu ana tababa a kansa. A waɗannan ƙananan rassa, likitocin hoto biyu sukan kalli wuri ɗaya su saɓa, domin motsi kaɗan ko jijiyar da ta karkace tana iya yin kama da gudan jini. Abin da za ku roƙa shi ne a ba wani likitan hoto da ya saba da ƙirji ya sake duba hoton kansa, ba takardar rahoton ba. Ku kuma tambaya ko an yi sikanin ƙafafu. Idan gudan ya tabbata, ci gaba da magani ko sa ido kawai ya danganta da abubuwa kamar ciwon daji, ko ya taɓa yin gudan jini a baya, da ƙarfin zuciyarsa da huhunsa. Likitan da ke riƙe da fayil ɗinsa ne zai yanke.

Auwalu:
Na gode ƙwarai, ranki ya daɗe. Ba a yi na ƙafa ba. Zan tambaya.

Dakta Kabiru:
Mu koma batun waya. Ni a ganina wanda ya cancanci kira shi ne wanda ya hau kan mararrabar kututturen kamar sirdi, tunda shi za a ba maganin narkarwa nan take. Sauran a bar su a kwamfuta.

Dakta Bilkisu:
Mai sirdi ana kira a kansa tun kafin a rubuta harafi ɗaya, wannan ba gardama. Amma siffar gudan ba ita take sa a ba da maganin narkarwa ba. Awon jini ne: na sama ya faɗi ƙasa da 90, ko ya sauka da 40 ya zauna haka fiye da minti 15, ko alamun jini ba ya isa gaɓoɓi. Na ga mai sirdi yana zaune yana hira, na ga mai gudaji a rassan loba da ya faɗi a gabanmu. Kuma a matar Nura, babbar tiyata cikin mako uku tana cikin abubuwan da ke hana wannan maganin.

Abin da likita yake buƙata daga gare ni bayan "akwai" shi ne halin da zuciyar dama take ciki. Ina auna faɗin ɗakin ƙasa na dama da na hagu, daga bango zuwa bango ta ciki, a inda kowanne ya fi faɗi. Lafiyayye na dama bai kai na hagu ba. Idan RV/LV, wato faɗin na dama a raba da na hagu, ya kai 1.0 ko ya wuce, dama tana turawa da ƙyar. Sai in duba katangar da ke tsakaninsu ko ta miƙe ko ta lanƙwasa ta shiga hagu, da ko rini ya koma baya ya gangara jijiyoyin hanta. Nura, me rahoto na biyu ya ce?

Dakta Nura:
Dama milimita 46, hagu 42, wato 1.1. Katanga ba ta lanƙwasa ba. Turofonin, gwajin jini na raunin zuciya, bai hau ba. Na farko bai ambaci zuciya ba sam.

Dakta Bilkisu:
Ka ga wani giɓin. Zuciya tana aunuwa ko da rini bai cika ƙananan rassa ba. Da an rubuta 1.1 a daren, a matar da ba a san ta da ciwon huhu ko na zuciya ba, ba na jin za ka kwanta da "babu" a ranka. Sai dai kada a mai da adadin abin rantsuwa. Mai tsohon ciwon huhu ɗakin zuciyarsa na dama a buɗe yake dama can, kuma hoton ba a daidaita shi da bugun zuciya ba, don haka 1.0 ko 1.1 yana son a haɗa shi da hoton zuciya na eko da turofonin.

Sista Rakiya:
Ni ta ɓangarenmu zan yi magana, domin sau da yawa wayar a hannunmu take faɗowa. Wani dare aka kira daga sashen hoto, murya ta ce, "Gado na bakwai akwai gudan jini, ki gaya wa likita," aka kashe. Ba suna, ba lambar fayil. Ashe majinyacin da aka yi wa hoton an mayar da shi wani ɗaki tun ƙarfe tara, wanda ke gado na bakwai sabon zuwa ne, kuma aman jini ya kawo shi. Allah ne ya sa na buɗe fayil na ga ba a taɓa tura shi hoto ba. Ku duba abin da zai faru da an ba wannan hefarin. Tun daga ranar ba na ajiye waya sai an ba ni suna da lambar fayil, na rubuta, na karanta wa mai kiran ya ce haka ne. Wasu suna jin haushi, su ce ina ɓata musu lokaci. Minti ɗaya ne.

Dakta Bilkisu:
Sista, ki ci gaba da ɓata mana lokacin. Ga yadda nake yin nawa kiran. In faɗi sunana, in tambayi wanda nake magana da shi da matsayinsa. In faɗi sunan majinyaci da lambar fayil. Sannan: "Akwai sabon gudan jini a rassan loba na dama da na sagimen a hagu, RV/LV 1.3, katanga ta miƙe. Yaya awon jininsa yanzu? An fara magani?" Tambayar ƙarshen nan tana da amfani, domin sau da dama a nan ne mutum yake tashi ya je ya duba. Ya maimaita mini abin da ya ji. A ƙasan rahoto in rubuta wanda na gaya wa da ƙarfe nawa. Idan wanda ya turo bai ɗauka ba, ko ya tashi daga aiki, ina neman wanda ya karɓe shi, daga nan na sama da shi. Saƙon waya da ba a amsa ba, ba na lissafa shi a matsayin na sanar.

Wani kwamiti na ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka a 2014 ya kasa irin waɗannan sakamako gida uku: na mintuna, na sa'o'i, na kwanaki. Kowane asibiti shi yake zaunawa ya cika jerinsa. A wurina duk sabon gudan jini na kira ne, har wanda aka tsinta a hoton da aka yi don wani dalili, kamar na bibiyar ciwon daji. Wannan ma ya fi ba ni tsoro, domin mutumin ya riga ya kama hanyar gida, kuma ba wanda yake jiran rahoton a ranar.

Dakta Nura:
To ranki ya daɗe, nawa fa? Wanda ba "akwai" ba ne, ba kuma "babu" ba?

Dakta Bilkisu:
Ni zan kira. Mai oksijin 89 bayan tiyata, hoton da aka dogara da shi bai ba da amsa ba, wannan labari ne da zai canja abin da za ka yi a daren. Amma in faɗa maka gaskiya, jerin asibitoci da yawa abin da aka gani yake ƙirgawa. Wanda ya rubuta naka zai iya cewa bai karya ƙa'ida ba.

Dakta Kabiru:
A nan kam ban yarda ba. In za a kira ni a kan kowane hoton da ya ɗan motsa, wayata ba za ta huta ba, kuma a kwana a tashi zan daina ɗaukar kiran da muhimmanci, kamar yadda kika ce ya faru da jimlar. Karanta rahoto har ƙarshe aikinmu ne. Ku gyara rubutun, ku bar wayar ga wanda aka gani.

Dakta Bilkisu:
Ba kowane ba. Wanda ya motsa a 'yan ƙananan rassa ga mai ƙaramin zargi, rubutu ya isa. Sai dai ta ina zan san ƙarfin zargin? Rabin takardun da ke zuwa mini "a kore gudan jini" kawai aka rubuta. Nura, kai me ka rubuta a taka?

Dakta Nura:
"Sarƙewar numfashi, a kore gudan jini." Ban sa tiyatar ba, ban sa oksijin ba, ban sa Wells ba. Lambar wayar da na bari ma ta teburin sashen gaggawa ce, ni kuma ina can ɗakin ɗinki.

Malam Sani mai hoto:
Wannan layin na takarda ni ma ina karanta shi, Likita. Da na ga "oksijin 89, ba ta iya riƙe numfashi" tun kafin a gangaro da ita zan shirya yadda zan ɗauka.

Sista Rakiya:
Anti Bilkisu, in aka ce za a riƙa kira a kan wanda bai dubu ba, mu nas me za mu rubuta a takardar karɓar saƙo? Tamu gida biyu gare ta, "an gani" da "ba a gani ba".

Dakta Bilkisu:
Turo mini hoton takardar, wadda ba a cika ba, in ga inda za a ƙara na ukun. Kabiru, kai ma ka duba, tunda wayarka ce za ta yi ƙara.

Dakta Kabiru:
Zan duba. Amma sai an rubuta a fili wane mataki na rassa ne yake sa a kira, sagimen ko loba. Ni a loba nake tsayawa.